Darasi: Yadda Ake Tsira Yatsa da Ɗora Jini a Tsinken Gwajin Suga

Duk mai ciwon suga da ke gwada jininsa a gida ya san yadda lambar da ke fitowa a fuskar na'ura take juya masa wuni. Da ita yake yanke shawarar abin da zai ci, da ita wasu ke ƙayyade yawan insulin da za su yi wa kansu, kuma ita ce likita zai duba a littafin majinyaci ranar asibiti. Amma na'urar ba ta san abin da ke gudana a jijiyar mutum ba. Abin da kawai ta sani shi ne ɗan ɗigon da aka kawo mata a bakin tsinken gwaji, wanda masu kemis da yawa ke kira sitirif. Idan ɗigon nan ya gurɓata, ko ya tsinke da ruwa, ko bai cika ba, na'urar za ta auna shi yadda ya zo mata, ta ba da lambar da ba ta jikin mutumin ba ce. Wannan darasi ya tsaya a kan magana guda: mafi yawan abin da ke ɓata sakamakon gwajin gida yana faruwa ne a kan yatsa, cikin minti biyu kafin na'ura ta fara ƙirga, kuma gyaransa yana hannun mai gwajin.

Sai mun fara da girman ɗigon, domin shi ne tushen komai. Na'urorin yanzu suna buƙatar jinin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na mililita ba, wasu ma rabin hakan ya ishe su. Idan sugan mutum yana kan 100 mg/dL, to duk gulukos ɗin da ke cikin irin wannan ɗigo bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ma'ana, idan wani kashi ɗaya cikin miliyan na giram ya shigo daga fatar yatsa ya narke a cikin jinin, lambar za ta tashi daga 100 ta koma 200. Ido ba ya ganin wannan adadi, harshe ma ba lallai ne ya ji shi ba, yatsa kuma ba sai ya yi danƙo ba kafin ya ɗauke shi. Wanda ya ɓare lemo, ko ya cire ƙwallon dabino, ko ya yanka mangwaro, ko ya taɓa bakin kwalbar zuma, ya bar wa fatarsa abin da ya ninka haka sau da yawa. Dabino da zuma da 'ya'yan itatuwa sun fi haɗari a nan, domin suna ɗauke da ainihin gulukos ɗin da tsinken yake nema.

An gwada wannan an gani. A shekarar 2011 wasu likitoci a ƙasar Japan sun sa mutane masu lafiya, waɗanda ba su da ciwon suga, suka ɓare 'ya'yan itatuwa irin su lemo da inabi, sannan aka gwada jinin yatsunsu. Lambobin suka hau kamar na masu ciwon suga. Aka goge yatsun da audugar sifirit, har sau biyar, lambobin ba su sauko daidai ba. Da aka wanke hannun da ruwan famfo, sai sakamakon ya koma yadda yake a jikinsu. A wannan shekarar kuma wasu masu bincike a ƙasar Holan sun gwada masu ciwon suga 123, suka tarar cewa bayan taɓa 'ya'yan itace ba tare da wanke hannu ba, ɗigon farko ya kauce da kashi 10 cikin 100 ko fiye a wajen kusan mutum tara cikin goma. Shawarar da suka bayar ita ce a wanke hannu da sabulu da ruwa, a busar, sannan a yi amfani da ɗigon farko.

A nan wani zai ce, ai a asibiti ma'aikaciyar jinya da sifirit take goge yatsa, ba ta tura kowa famfo ba. Gaskiya ne, amma aikin sifirit daban ne. Ana goga shi ne don kashe ƙwayoyin cuta a wurin da majinyata ke da yawa kuma ba kowa ne zai iya tashi zuwa wurin ruwa ba. Suga kuwa ba ya narkewa sosai a cikin sifirit, sau da yawa audugar tana baza shi ne kawai a kan fata. Ruwa shi ne ke narkar da shi ya tafi da shi. Bayan haka, sifirit da bai gama bushewa ba yana gauraya da jinin, yana ƙara zafin tsirar, kuma yawan amfani da shi kullum yana busar da fata har ta fara tsagewa. A gida, inda akwai buta da sabulu, babu dalilin da zai sa a fifita shi. Idan mutum yana kan hanya ko a kasuwa babu ruwa, hannunsa kuma babu datti kuma bai taɓa abu mai zaƙi ba, to ya tsira yatsan, ya share ɗigon farko da busasshiyar auduga, ya ɗauki na biyu. Wannan dabara ce ta lalura, tana rage kuskure, ba ta kai wanke hannu ba.

Wanke hannun yana da rabi na biyu da ake yawan mantawa, wato busarwa. Ɗigon jinin ƙarami ne ƙwarai, saboda haka ɗan danshin da ya rage a kan yatsa ya isa ya tsinka shi, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Jiƙaƙƙen yatsa kuma ba ya riƙe ɗigo. Jinin yana bazuwa ne ya bi layukan fata, a rasa abin da za a kai wa tsinke. Wanda ya saba gwaji da asuba bayan alwala ya kula da wannan sosai. Alwala ta wanke hannun, amma sai an goge shi da tsabtataccen ƙyalle ya bushe sarai kafin a taɓa kwalbar tsinke, domin jiƙaƙƙen hannu yana ɓata sauran tsinkayen da ke cikin kwalbar ma. Haka nan man shafawa: a lokacin hunturu kusan kowa yana shafa basilin ko wani mai a hannu, kuma mai yana sa ɗigo ya zame. A wanke, a gwada, sannan a shafa man.

Idan da hali, ruwan ya zama mai ɗumi. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyin yatsu, shi ya sa da safiyar Disamba ko Janairu mutum zai tsira yatsa sau biyu jini bai fito ba. Ruwan ɗumi yana buɗe su. Bayan an busar, a saki hannun ƙasa a gefen jiki na kamar rabin minti, a ɗan girgiza shi, ko a murza tafukan hannu biyu. Wanda ya yi wannan ya riga ya kauce wa kuskuren da za mu zo gare shi nan gaba, wato matse yatsa.

Sai wurin tsirar. Mutane da yawa suna kai allura tsakiyar tsokar kan yatsa, domin nan ne ya fi faɗi kuma nan ido ya fi gani. Nan ne kuma jijiyoyin ji suka fi taruwa, nan ne ake riƙe alƙalami da allurar ɗinki da fartanya, saboda haka nan ne zafi ya fi yawa kuma ya fi daɗewa. Wurin da ya dace shi ne gefen gaɓar ƙarshe ta yatsa, tsakanin tsokar da farce, ba a manne da farcen ba. Jini yana isa can da kyau, zafi kuma kaɗan ne. Yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami sun fi sauƙi, domin babban yatsa da manuni su ne ke ɗauke da yawancin aikin hannu, fatarsu kuma ta fi kauri. Kowane yatsa yana da gefe biyu, hannu kuma biyu ne, saboda haka akwai wurare da yawa da za a riƙa zagayawa. Wanda ya nace wa wuri guda zai ga fatar ta yi kanta da baƙaƙen ɗige-ɗige, daga nan sai ya ƙara zurfin allura, zafi ya ƙaru, har ya fara gudun gwajin gaba ɗaya. Kada a tsira yatsan da ya kumbura, ko mai rauni, ko mai ƙurji. Wasu na'urori sun yarda a ɗauki jini a damtse ko tafin hannu, amma jinin damtse yana jinkirin nuna sauyi, don haka idan ana zargin suga ya faɗi, ko an ci abinci ba da jimawa ba, yatsa kawai za a yi amfani da shi.

Abin tsirar, wanda ya yi kama da biro, yana da lambobi a kansa, galibi daga 1 zuwa 5, wasu sun fi haka. Lambar tana nuna zurfin da allurar za ta shiga. Mai laushin fata ya fara da 1 ko 2. Manomi ko maƙeri ko matar da ke daka da wanki kullum suna iya buƙatar 4 ko 5. Ƙa'idar ita ce a nemi mafi ƙarancin zurfin da zai fitar da cikakken ɗigo ba tare da wahala ba. Sannan a danna bakin biron a jikin fata da ɗan ƙarfi kafin a saki maɓallin. Tsoro yana sa mutane su riƙe shi sama-sama, ko su janye yatsa daidai lokacin da allura ta fito, sai ta ɗan karci fata kawai, a sake tsira karo na biyu. Tsira guda mai kyau ta fi biyu marasa kyau sauƙi.

Batun allurar kanta yana jawo gardama, kuma gardamar tana da tushe, domin kuɗi ne. An ƙera kowace allura ne don tsira guda. Bakinta siriri ne ƙwarai, yana dakushewa da wuri, kuma dakusasshiyar allura yage fata take yi, ta fi zafi, raunin ya fi jinkirin warkewa. Mai ƙaramin ƙarfi zai ce ba zai iya sabuwar allura kullum ba. Abin da zan ce masa shi ne ya duba farashi da kyau: allura ta fi tsinken gwaji araha nesa ba kusa ba, kuma tsinke ɗaya da ya lalace saboda jini bai fito sosai ba ya cinye kuɗin allurai da dama. Inda babu sassauci ko kaɗan shi ne raba allura ko biron tsira da wani, ko da mata ce da miji, ko uwa da 'ya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7, cutar kuma ta yaɗu sosai a ƙasashenmu, masu ɗauke da ita da yawa ba su sani ba. Canza allurar kaɗai bai wadatar ba, domin jini yana fantsama a cikin murfin biron. Al'adar nan ta a zo gaisuwa a ce "gwada ni ma in gani" ya kamata a daina ta, sai dai idan baƙon yana da nasa abin tsirar. Allurar da aka gama da ita a jefa ta cikin wata kwalbar roba mai kauri mai murfi, nesa da yara, kada ta shiga shara tsirara.

Yanzu an tsira, jini ya ɗan leƙo. A nan ne hannu ke gaggawar kama kan yatsa ya matse shi da ƙarfi. Dalilin da ya sa ake hana wannan shi ne, tsakanin ƙwayoyin naman yatsa akwai wani ruwa da ba jini ba ne, kuma matsa mai ƙarfi a kusa da hudar tana turo shi waje tare da jinin. Abin da ya isa tsinke sai ya zama gauraye, lambar kuma ba abin dogaro ba. Masu binciken Holan da muka ambata sun ga haka: matsin da aka yi wa yatsa ya sa sakamakon wasu ya kauce da kashi 10 cikin 100 ko fiye. To amma idan jini ya ƙi fitowa fa? Akwai bambanci tsakanin matsa da shafa. A jira daƙiƙa biyu ko uku da hannu a ƙasa, sannan a shafo yatsan a hankali daga gindinsa zuwa sama, a tsaya kafin a kai hudar. Idan sau ɗaya ko biyu bai fitar da ɗigo ba, matsalar tana baya: ko hannu yana da sanyi, ko zurfin bai isa ba. A ɗumama hannu, a ƙara lamba ɗaya, a koma wani yatsa. Ɗigon da ake nema dunƙulalle ne mai sheƙi, yana tsaye a wuri guda, bai bazu ba.

Kafin duk wannan, tsinken ya kamata ya riga ya shiga na'ura. A yawancin na'urori saka tsinke ne ke kunna su, sai alamar ɗigon jini ta fara ƙiftawa a fuska, wannan ce alamar a kawo jini. Idan aka ɗora kafin alamar ta bayyana, tsinken ya tafi a banza. Yadda ake ɗorawa ma yana rikita waɗanda suka saba da tsofaffin tsinkaye da ake ɗiga jini a samansu. Yawancin na yanzu suna da wata siririyar kafa a baki ko a gefe, wadda ke zuƙar jini da kanta kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Aikin mai gwaji shi ne ya kai bakin tsinken ya taɓa gefen ɗigon, ya tsaya cak har 'yar tagar da ke jikin tsinken ta cika da ja, ko na'ura ta yi ƙara ta fara ƙirga. Ba a danna tsinke a jikin fata, domin fata tana toshe kafar. Ba a kankare jini da shi, ba a shafa masa a sama. Idan tagar ta cika rabi ta tsaya, wasu na'urori za su nuna alamar kuskure, wasu kuma za su ba da lamba duk da haka, kuma wannan lambar ba a aiki da ita. Ƙara jini a tsinken da ya riga ya fara aiki ba ya halatta sai a na'urorin da takardarsu ta ce an ƙera su don haka. In ba a tabbatar ba, a ɗauki sabon tsinke. Bayan an gama, a danna busasshiyar auduga a kan hudar na ɗan lokaci.

Tsinken ma yana da nasa sharuɗɗan. A bakinsa akwai sinadarin da zafi da danshi ke kashewa, kuma yawancin kamfanoni suna rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30 ko kusa da haka. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafin Afrilu yana wuce digiri 40, cikin mota da ke rana kuma ya fi haka. Kwalbar tsinke ba ta zama a mota, ko a kan taga, ko kusa da murhu, kuma ba a juye tsinkaye a leda ko aljihu. A ciro ɗaya, a rufe murfin nan take, a duba ranar ƙarewar aiki, kuma a tabbatar tsinken na irin na'urar ne.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani magidanci mai shan maganin suga yana azumi da izinin likitansa. Da la'asar ya taya iyali cire ƙwallon dabino da yanka kankana, ya goge hannu a riga. Can ya ji rawar jiki da zufa, ya ɗauko na'ura, ya gwada, ta nuna 186. Ya ce ai suga ma sama yake, ya ci gaba da azumi. Amma rawar jiki da zufa da jiri alamomin faɗuwar suga ne, lambar kuma ta saɓa musu, wannan saɓanin shi ne gargaɗin. Da ya wanke hannu da sabulu, ya busar, ya sake da sabon tsinke a wani yatsa, yana iya ganin 62. Duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ce, kuma jagorar da likitocin suga suka fitar kan azumin Ramadan ta ce a irin wannan hali a karya azumi nan take, a sha abu mai zaƙi, a sake gwaji bayan minti 15. Kuskuren yana iya zuwa ta wata fuskar: mai insulin da ya ga lambar ƙarya mai tsawo ya ƙara wa kansa allura, alhali sugansa daidai yake, zai jefa kansa cikin faɗuwar da ka iya kai shi suma. Saboda haka idan lamba da jiki suka saɓa, a wanke hannu a sake. Idan alamomin faɗuwa sun yi ƙarfi, a fara shan abu mai zaƙi, gwaji ya biyo baya.

Akwai ƙorafi na ƙarshe da ya cancanci amsa. Wani zai ce ya bi duk waɗannan matakai, ya gwada sau biyu a jere, ya sami 140 da 152, to ina amfanin wahalar? Amsar ita ce na'urar gida ba ta yi alkawarin lamba guda tak ba. Ma'aunin duniya na 2013 ya nemi kashi 95 cikin 100 na sakamako su faɗa cikin tazarar kashi 15 cikin 100 na sakamakon ɗakin gwaji idan suga ya kai 100 ko fiye, ko tazarar 15 mg/dL idan yana ƙasa da haka. Saboda haka 140 da 152 labari ɗaya suke bayarwa, kuma shawarar da za a yanke a kansu ɗaya ce. Kuskuren yatsa kuwa ba shi da wannan iyaka, yana iya mayar da 62 ta zama 186. Akwai kuma halayen da kyakkyawan hannu ba ya gyarawa: ƙarancin jini mai tsanani, kamar na wasu masu sikila, yana iya sa wasu na'urori su nuna sama da gaskiya, bushewar jiki mai tsanani ma tana ɓata sakamako. Masu irin wannan hali su gaya wa likita. A kuma lura da ma'aunin da ke fuskar na'ura: idan an rubuta mmol/L, a ninka lambar sau 18 a sami mg/dL, wato 5.5 daidai take da kusan 99. Idan ta nuna LO ko HI, suga ya fita daga abin da take iya aunawa. A sake gwaji da wankakken hannu, in ta maimaita a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da na'urarku da kwalbar tsinke da biron tsira, ku roƙi ma'aikacin lafiya ya tsaya ya kalle ku kuna gwaji tun daga wanke hannu har fitowar lamba, ya nuna muku inda hannunku ke kaucewa. Idan za a ɗebi jininku don gwajin suga a ɗakin gwaji a ranar, ku gwada da taku na'urar a daidai lokacin, ku rubuta lambobin biyu kusa da juna a littafinku.